Ba kowace shawarar mai jari ake dauka ba

A ce wani matashi a Ɗanzomo ya rubuta tsarin turka raguna 40 na kwana 90, zai saye su a kasuwar Alhamis ta Maigatari, ya sayar gab da Babbar Sallah. Ya kai wa masu jari uku, kowa ya yi masa gyara. Ra'ayina shi ne ya auna kowane gyara da tambaya ɗaya: wane adadi ne a cikin lissafin zai motsa idan maganar gaskiya ce?

Na farko ya ce tsarin ya jingina kacokan ga ragunan Nijar. Wannan magana tana da shaida. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A Mayun 2025 kuma Nijar da kanta ta hana fitar da dabbobi, ana daf da Sallah. Tsarin da ke da farashin saye guda ɗaya tak ya yi biris da wannan tarihi. Sai matashin ya rubuta farashi biyu, na lokacin da hanya take buɗe da na lokacin da dole ya nema a kasuwannin gida, ya ga ko riba za ta tsira a na biyun.

Na biyu ya lura ba a ware komai don mutuwa ba. Shi ma a karɓa. In biyu suka faɗi, cinikin raguna 38 ne zai biya kuɗin 40, har da dusa da harawar da matattun suka riga suka ci.

Na uku, wanda ya fi su dukiya, ya ce a bar raguna a koma bijimai. Nan ne kunya take kayar da matasa, domin babba ya yi magana. Amma wannan ba kuskure ya nuna ba, wata sana'a ce yake so, mai jari da wa'adi dabam. A tambaye shi cikin ladabi: "Alhaji, in na koma bijimai, nawa za ku zuba, kuma yaushe?" Idan amsar ita ce "za mu gani", a yi godiya, a bar tsarin yadda yake.

Sauran aikin na rubutu ne. Kada a goge tsohon tsari. A ba sabon lamba da kwanan wata, a maƙala masa shafi ɗaya da ke nuna wanda ya yi gyaran, tsohon adadi, sabon adadi, dalili, da sauran wuraren da canjin ya taɓa. Wannan na ƙarshen ake yawan mantawa: a rage raguna zuwa 38 a shafin ciniki, a bar rabon riba a kan 40. Shawarar bijimai ma a rubuta ta, da dalilin ƙin ta, domin ranar da Alhaji zai ce ba a saurare shi ba.