Raddi ga Mai Cewa Ƙarfin Sinadari Kaɗai Ke Raba Aldehaid da Asid

Akwai wata takardar darasi da ke yawo a hannun ɗaliban kimiyya, inda wani malami ya tattara babin oksideshan na alkohol cikin da'awa uku. Ba na shakkar niyyarsa ta sauƙaƙa wa ɗalibai, sai dai sauƙin ya cinye gaskiyar al'amarin, kuma duk ɗalibin da ya shiga ɗakin gwaji da wannan hadda zai fito da abin da bai nema ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka zan bi maganganun Malam ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan mu daidaita a kan tushe. Alkohol firamare shi ne RCH2OH, wato kabon ɗin da ke riƙe da OH yana da haidurojin biyu. Alkohol sakandare shi ne R2CHOH, mai haidurojin ɗaya a wannan kabon. A kowane matakin oksideshan ana cire ɗaya daga cikin waɗannan haidurojin tare da na jikin OH, sai a sami C=O.

Da'awa ta farko. Malam ya ce sinadari mai sanyi kamar PCC yana tsayawa a aldehaid ne domin ƙarfinsa ya ƙare, shi kuwa sinadarin Jones yana zarcewa zuwa asid domin ya fi shi ƙarfi.

Amsa ita ce, abin da ke yin aikin a cikinsu duka biyun ɗaya ne, wato kuromiyam Cr(VI). Sinadarin Jones CrO3 ne da aka narkar cikin ruwa da H2SO4, ana aiki da shi cikin asiton. PCC kuwa, wanda Corey da Suggs suka fito da amfaninsa a 1975, ana aiki da shi cikin CH2Cl2 da babu ruwa a ciki. Babban bambancin yana ga ruwan. Kuromiyam yana fara aiki ne da kama OH, sannan a cire haidurojin daga kabon. Aldehaid, RCHO, ba shi da OH, saboda haka babu inda za a kama shi. Amma idan ruwa na nan, sai ya haɗu da aldehaid su ba da RCH(OH)2, wanda ke da OH kuma har yanzu da sauran haidurojin a kabon. Nan take kuromiyam zai ɗauke shi kamar wani sabon alkohol, ya mayar da shi RCOOH. Shi ya sa mai aiki da PCC ke busar da tulun gilashinsa da sinadarin narkarwarsa tukuna. In ya yi sakaci danshi ya shiga, zai tarar da asid ya gauraya da aldehaid ɗinsa, alhali ƙarfin PCC bai ƙaru da komai ba.

Da'awa ta biyu. Ya ce da zarar an ɗauko K2Cr2O7 da H2SO4, alkohol firamare ba shi da makoma sai asid, aldehaid ba ya samuwa.

Wannan gwajin makarantar sakandare ma ya rushe shi. Mu ɗauki etanol. Yana tafasa a digiri 78 na ma'aunin Salsiyos, etanal a wajen digiri 21, asid etanoyik kuma a digiri 118. Ke nan aldehaid ɗin ya fi kowa saurin zama tururi. Idan shi ake so, sai a bar etanol ya fi yawa, a riƙa ɗiga daikuromet kaɗan-kaɗan, a ɗumama a hankali, a kwantar da kondensa ta gangara gefe. Etanal na samuwa yana ficewa, ya sauka cikin kwalbar da aka binne a ƙanƙara, domin a zafin ɗaki irin na ƙasar Hausa, in babu ƙanƙara iska zai bi. Idan kuwa asid ake so, sai daikuromet ya fi yawa, a tsayar da kondensa a bakin tulun, duk tururin da ya tashi ya huce ya komo ciki, har aldehaid ya ƙarasa tafiyarsa.

Lissafi ma yana goyon bayan haka:

3CH3CH2OH + Cr2O7²⁻ + 8H⁺ → 3CH3CHO + 2Cr³⁺ + 7H2O

3CH3CH2OH + 2Cr2O7²⁻ + 16H⁺ → 3CH3COOH + 4Cr³⁺ + 11H2O

Giram 13.8 na etanol mol 0.3 ne. Zuwa aldehaid yana buƙatar mol 0.1 na K2Cr2O7, wato giram 29.4, zuwa asid kuwa sai an ninka, giram 58.8. Sinadarin bai sauya ba, awo da tsarin kayan aiki ne suka sauya sakamakon. Na yarda cewa wannan dabara ta fi aiki ga ƙananan aldehaid masu saurin tafasa, kuma ko a nan wani kaso yakan zarce zuwa asid. Amma tsakanin "yana da iyaka" da "ba ya samuwa" akwai tazara mai nisa.

Da'awa ta uku, wadda ta fi sauran haɗari. Ya ce alkohol sakandare ma tsani biyu gare shi, mai sanyi ya ba da keton, mai ƙarfi ya ba da asid.

A ƙirga haidurojin kawai. CH3CH(OH)CH3 yana da guda ɗaya tak a kabon ɗin tsakiya. Da an cire shi an sami asiton, CH3COCH3, kuma ko ruwa ya haɗu da shi, babu sauran haidurojin da za a cire a wannan kabon. Saboda haka PCC da Jones da daikuromet duk keton suke bayarwa. Wannan dalilin ne ma ya sa ake iya yin aikin Jones a cikin asiton ba tare da ya lalace ba. Mai yiwuwa Malam ya kafa hujja da saikuloheksanol, wanda HNO3 mai zafi ke mayarwa asid adifik da ake yin lailon da shi. Gaskiya ne hakan na faruwa a masana'antu, amma a can haɗin kabon da kabon aka tsinka, zoben ya buɗe. Wani aiki ne dabam mai tsananin sharuɗɗa, kuma bai halatta a koyar da shi a matsayin mataki na biyu na kowane alkohol sakandare ba.

Saura wata magana da Malam ya ratsa da ita, cewa juyewar launi daga ruwan lemo zuwa kore ta isa shaida an sami asid. Koren nan Cr³⁺ ne, kuma abin da yake faɗa kawai shi ne an yi oksideshan, ko da firamare ko da sakandare. Mai son sanin abin da ya samu sai ya ɗebi ɗan kaɗan daga abin da ya tace ya gwada. Aldehaid yana shafe cikin kwalbar gwaji da azurfa kamar madubi idan an ɗumama shi da sinadarin Tollens, etanal kuma yana mayar da shuɗin Fehling jan gari irin na bulo. Keton irin su asiton ba ya yin ko ɗaya. Asid kuwa yana tayar da kumfar CO2 da an zuba masa NaHCO3.

Ina roƙon Malam ya janye takardar nan ya sake rubuta ta. Kalmomin "mai sanyi" da "mai ƙarfi" suna da amfani wajen rarraba sinadarai, amma a koya wa ɗalibi ya fara da tambayoyi uku: haidurojin nawa ne a kabon mai OH, akwai ruwa ko babu, kuma aldehaid ɗin yana ficewa ne ko yana komawa tulu. A kuma ƙara masa gargaɗin da takardar ta tsallake, cewa Cr(VI) guba ne mai haddasa sankara, ba a taɓa shi sai da safar hannu, kuma ragowarsa a kwalbar shara ta musamman ake tara ta, ba a zuba ta a kwata.