Muƙalar Zaure da Muƙalar Intanet Ba Ɗaya Ba Ne

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya, taron ƙara wa juna sani ta intanet ya shigo sassan nazarin Hausa, kuma bai fita ba. A Zamfara yana da wani dalili na daban. Malamin da aka gayyata daga Zariya ko Kano zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau sai ya yi tunanin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe kafin ya amsa, saboda matsalar tsaro. Manhajar Zoom da Google Meet sun rage wannan fargaba. Sai dai da yawanmu mun ɗauki muƙalar da muka saba karantawa a zaure mun kai ta intanet ba tare da mun taɓa ko waƙafi ba. Ra'ayina shi ne wannan kuskure ne, kuma gyaransa yana cikin abin da mu manazarta adabin baka muka fi kowa sani.

A zaure, mai gabatarwa yana karanta fuskoki kamar yadda yake karanta takarda. Idan ya ga farfesa ya ɗaure fuska, sai ya ƙara misali. Idan ya ga ɗalibai sun fara duba agogo, sai ya tsallake shafi. Mai sauraro kuma kunya tana riƙe shi a kujera ko da ya gaji. A intanet duk wannan ya kau, allon ya cika da sunaye a cikin baƙaƙen akwatuna. Bai kamata a ɗauki rufe kyamara a matsayin raini ba, domin lissafi ne na aljihu. Bisa ƙiyasin da kamfanin Zoom ya bayar, murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, wato kimanin megabait 36 a awa guda. Hoton bidiyo na taron jama'a kuwa yana neman kusan megabit 1 a daƙiƙa, wato wajen megabait 450 a awa. Ɗalibin da ke sauraro da wayarsa daga Bunguɗu, da datar da ya saya da kuɗin abincinsa, yana da hujjar rufe kyamara. Don haka mai gabatarwa ya shirya tun farko a kan cewa ba zai ga kowa ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake riƙe hankalin wanda ba a ganin fuskarsa. Da dare ake yin tatsuniya. Gwaggo ba ta soma labari sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" an amsa mata, sannan takan tsinka labarin da ’yar waƙa da yara za su karɓa, ta haka take gane wanda barci ya ɗauke. Makaɗan fada irin su Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo ba su jero ɗiyan waƙa ba tare da komawa ga gindi ba, don wanda hankalinsa ya tafi ya sami inda zai kama. Abubuwa uku ke nan: neman amsa tun daga farko, rarraba magana gaɓa-gaɓa, da maimaita jigo. Su ne taron intanet yake buƙata, kuma su ne rubutacciyar muƙala ba ta da su.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata mai nazari ta naɗi hirarraki a Ruwan Ɓore da Tsafe da Bunguɗu, ta rubuta muƙala mai kalmomi 6,000 a kan siffofin karin harshen yankin, aka ba ta minti 15. Mai karanta Hausar ilimi a natse yakan yi kalmomi 120 ko kusa da haka a minti guda. Kowa zai iya auna nasa da agogo. Ke nan muƙalar tana buƙatar minti 50. Abin da aka saba gani shi ne ta soma da gaisuwa, ta bi da tsakure, da gabatarwa, da bitar ayyukan da suka gabata, da dabarun bincike. Tana isa ga misali na farko shugaban zama zai ce saura minti biyu. A zaure ma wannan asara ce, balle a intanet, inda mai sauraro ya riga ya koma WhatsApp tun a minti na biyar ba tare da kowa ya sani ba.

Ga yadda nake ganin ya dace ta yi. Ta shirya magana ta minti 12, wato kalmomi 1,400 ko ɗan fiye, ta bar minti uku saboda yankewar sabis da jinkirin murya. Sannan ta juya tsarin, sakamako ya zo a gaba. Bayan sallama da gaisuwa guda ga shugaban zama da mahalarta, ta faɗi da'awarta a jimla ɗaya cikin minti na farko, misali cewa a hirarrakin da ta naɗa, dattawa sun fi matasa riƙe siffofin Hausar yamma. Wannan jimla ita ce gindin waƙarta, za ta dawo gare ta a ƙarshen kowace gaɓa. Daga cikin siffofi goma da ke cikin muƙalar ta zaɓi uku kawai, kowace ta ba ta minti uku. Ta farko, furta “hw” a gurbin “f”, kamar hwari da fari. Ta biyu, baƙin leɓɓa a ƙarshen gaɓa wanda ya zama wasali a Hausar gabas amma ya tsaya a yamma, kamar zamna da zauna, ko sabka da sauka, abin da ake bayyanawa da dokar Klingenheben. Ta uku, dirka, wato na da ta a gurbin ne da ce. Bita da dabarun bincike su sami jimla biyu-biyu, sauran bayaninsu yana cikin takarda.

A ƙarshen gaɓa ta farko ta yi abin da gwaggo take yi. Maimakon ta ce “ina fatan kuna ji na”, wanda ba mai amsawa, ta yi tambayar da za a amsa da kalma ɗaya a akwatin Chat: “A garinku, zamna ake cewa ko zauna?” Sai ta yi shiru na daƙiƙa goma, tana ƙirgawa a zuci, domin murya tana isa da jinkiri, rubutu a waya kuma yana ɗaukar lokaci. Idan amsoshi sun shigo, ta karanta biyu ko uku tare da ambaton garuruwan, ta wuce. Idan ba ko ɗaya a taron mutum talatin, to ko muryarta ta yanke ko ta rasa masu sauraro, kuma gara ta sani a minti na huɗu da ta sani bayan ta gama.

Akwai kuma matsalolin da suka keɓanta ga fanninmu. Hujjarmu sau da yawa sauti ce. Bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne, na gari da ake zama da gari na tuwo kuma tsawon wasali ne. Idan murya ta karkatse a daidai kalmar, hujja ta tafi. Saboda haka kowane misali a furta shi sau biyu, a kuma nuna shi a allo da alamominsa. Shafi ɗaya ya ɗauki misali ɗaya da manyan haruffa, domin jadawali mai layi goma sha biyu da ke fitowa sarai a majigi ba ya karantuwa a fuskar waya. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama akwatuna idan an buɗe fayil a na'urar da ba ta da irin rubutun. Mayar da shafukan zuwa PDF yana magance wannan. Mai son saka muryar da ya naɗa, ko kiɗan kotso, kada ya kara wayarsa a makirufo, domin manhajar tana iya ɗaukar kiɗan a matsayin hayaniya ta danne shi. A Zoom, sai ya zaɓi Share sound yayin nuna allo, ya gwada da wani kafin ranar, kuma kada abin da zai saka ya wuce daƙiƙa talatin.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce bita ita ce shaidar cewa ɗalibi ya karanta magabata, yanke ta rashin ladabi ne, kuma taƙaitawa tana mayar da ilimi kamar shirin rediyo. Amsata ita ce ba a jefar da komai ba, wuri aka sauya masa. A aika cikakkiyar muƙalar ga mahalarta kwana biyu ko uku kafin zama, da bitarta da manazartarta, don mai suka ya soki abin da ya karanta a tsanake. Wannan ma shi ne kariya idan sadarwa ta ci amana. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda yaƙi da ’yan bindiga, Gusau ma ba ta samu ba sai farkon Oktoba. Wanda ya ga haka ya san ba a jingina aikin shekara guda ga minti goma sha biyar na sabis. Batun rediyo kuwa, ba abin kunya ba ne. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake isar da zance mai nauyi ga mutanen da ba ya gani, da gajerun jimloli da maimaita kanun labarai.

Inda na yarda da su shi ne akwai zaman da wannan tsari bai isar masa ba. Kare kundin digiri na uku ba jawabi ba ne, jarrabawa ce, kuma masu jarrabawa suna da haƙƙin ganin fuskar ɗalibi su tabbatar shi ke amsawa. A nan sashe ne ya kamata ya tanadi ɗaki da sadarwa mai ƙarfi, kada a bar ɗalibi da wayarsa.

Gyaran ba na mai gabatarwa ba ne shi kaɗai. Sashen da ya shirya taro ta intanet ya rubuta a takardar gayyata cewa ana son muƙala kwana uku kafin zama, jawabi minti 12, gaisuwar manyan baƙi kuma shugaban zama ne zai yi ta sau ɗaya a madadin kowa. Idan ba a rubuta haka ba, ƙaramin malami ba zai iya tsallake jerin sunayen manya ba, don gudun a ce ya yi rashin kunya. A kuma naɗa mutum guda da zai riƙa lura da akwatin saƙo, ya tattara tambayoyi, ya sanar da mai magana nan take idan muryarsa ta ɗauke.