Takardu Biyu, Famfo Ɗaya: Abin da Fom ɗin Miƙa Aiki Ya Kamata Ya Tambaya

Duk wurin da aiki ba ya tsayawa dare da rana, kamar asibiti ko matatar mai ko gidan wuta, yana da lokacin da ya fi kowane hatsari, wato sa'ar da masu aikin rana ke tashi, masu aikin dare ke karɓa. A wannan sa'ar, abin da mutum ɗaya ya sani yakan bi shi gida. Don toshe wannan kafa ne aka ƙirƙiro fom ɗin miƙa aiki da takardar izinin gyara. Sai dai yawancin irin waɗannan takardu suna tambayar abin da ke tafiya daidai, alhali tambayar da ke ceton rai ita ce: me aka bari ba a yadda aka saba ganinsa ba?

Piper Alpha dandamalin haƙar mai ne a Tekun Arewa, arewa maso gabas da birnin Aberdeen na Sikotland. Yana da famfuna biyu, A da B, masu tura ruwan da ake tacewa daga iskar gas, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Ranar 6 ga Yuli 1988 an tsayar da famfo A domin babban gyara, aka rubuta masa takardar izini. A ranar kuma wasu ma'aikata suka kwance bawul ɗin da ke rage wa famfon matsi idan ya yi yawa, domin su gwada shi, suka rufe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi. Wannan aiki na biyu yana da tasa takardar dabam. Ƙarfe 6 na yamma ta yi ba a mayar da bawul ɗin ba, sai aka dakatar da takardarsa zuwa gobe, aka yi canjin aiki.

Wajen ƙarfe 9:45 na dare famfo B ya tsaya, ya ƙi tashi. Masu aikin dare sun san an tsayar da famfo A, amma sun ga ba a kai ga kwance shi ba, don haka a ganinsu babu abin da zai hana a tayar da shi. Bawul ɗin kuwa yana can wani bene na sama, wanda ke tsaye gaban famfon ba zai hango gurbinsa ba. Abin da binciken Lord Cullen ya rinjayar a rahotonsa na 1990 shi ne, da aka tura ruwan gas cikin famfo A sai ya tsiyaye ta gefen faifan da ba a ɗaure tam ba, ya kama wuta wajen ƙarfe 10. Mutum 167 suka mutu.

Abin lura shi ne, takarda ba ta yi ƙaranci a Piper Alpha ba. An cika fom, an sa hannu. Illar ita ce an gina tsarin a kan aikin da kowace ƙungiya ke yi, ba a kan injin da ayyukan suka shafa ba, kuma takardar famfon ba ta ambaci ta bawul ɗin ba. Da akwai layi guda a kan takardar famfon mai cewa a rubuta lambar duk wata takarda da ta shafi wannan injin, da wanda ya ɗauke ta da dare ya san akwai 'yar'uwarta.

A ɗauki misalin da ya fi kusa da gida: ɗakin janareto na wani asibiti mai injuna biyu. Fom ɗin da aka saba gani a irin wannan ɗaki yakan tambayi yawan man dizal a tanki, da awannin da injin ya yi, da zafinsa, da ƙarfin batir. Makanike ya zo da azahar, ya zubar da baƙin man injin na biyu, ya tarar matatar da aka kawo ba irin tasa ba ce, ya tafi sai gobe. Mai aikin rana zai iya cika kowane gurbi na fom ɗin da gaskiya tsantsa ba tare da wannan labari ya shiga ko'ina ba, domin babu gurbin da ya tambaye shi. Ƙarfe biyun dare injin farko ya ɗauki zafi, ana tsakar tiyata, mai aikin dare ya tayar da na biyu babu mai a cikinsa. Gyaran fom ɗin bai wuce tambayoyi uku a samansa ba, kafin duk wani adadi: wane inji ne ba za a iya tayarwa yanzu ba, me aka cire masa, wa ke da ikon cewa ya koma aiki. Sannan takarda kaɗai ba ta isa ba. A cire kan batirin, a rataya alama a maɓallin, domin hannu kan riga ido zuwa wurin idan wuta ta ɗauke.

Tsofaffin ma'aikata da yawa suna ƙyamar fom, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Duk sanda aka yi kuskure sai hukuma ta ƙara layi, ba a taɓa rage ko ɗaya, har takardar da ta fara da tambaya goma ta kai hamsin. Wanda ya yi awa goma sha biyu a tsaye ba zai karanta tambaya hamsin ba, zai bi su da alkalami ne kawai. Gane fom ɗin da ya mutu ba shi da wuya ga shugaban da ya ɗauki littafin wata guda ya duba: alamomin duk sun karkata gefe ɗaya kamar an ja su a numfashi guda, adadin da ake aunawa bai taɓa motsawa ba, gurbin bayani kuma kullum "lafiya lau", har a ranar da aka san an kira makanike. Irin wannan littafi ya fi rashinsa illa, domin mai karɓar aiki yana ganin sa hannu sai hankalinsa ya kwanta. Maganin ba jefar da fom ba ne. Adadin yau da kullum ya koma nasa littafin, takardar miƙa aiki kuma ta tsaya a shafi ɗaya, a kan abin da ya sauya da abin da ba a gama ba.

Saura abin da babu gurbin da zai iya ɗauka, wato magana baki da baki. Likitocin yara a Amurka da Kanada sun gwada wani tsarin miƙa marasa lafiya mai suna I-PASS a asibitoci tara, aka buga sakamakon a 2014: kurakuran jinya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, illolin da za a iya kaucewa kuma da kashi 30, ba tare da lokacin miƙawar ya ƙaru ba. Matakinsa na ƙarshe ya fi jan hankali, inda mai karɓa ke maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, mai tashi ya gyara masa. A ɗakin janareto ma'anar wannan ita ce mai aikin dare ya ce, "Wato na biyu babu mai, ba zan taɓa shi ba sai makanike ya dawo," kafin abokinsa ya ɗauki jaka.

Wannan kuwa yana cin lokaci, kuma lokacin kuɗi ne. Inda jadawali ya ce mai rana ya tashi ƙarfe 6, mai dare ya fara ƙarfe 6, ma'aikata ne ke biyan kuɗin miƙawar daga lokacinsu, ko kuma a yi ta a bakin ƙofa da ɗaga hannu. Hukumar da ke son a bi fom ɗinta sai ta haɗa ƙarshen wannan aiki da farkon wancan na minti goma sha biyar ko ashirin, ta rubuta su cikin jadawali, ta biya su cikin albashi.