Kati Ya Ƙare, Abonoma Bai Ƙare Ba

Akwai wata magana da masu sayar da katin kyauta na Apple da Google Play ke yi wa matasanmu a Yamai da Maraɗi: "Ai kati ne, in ya ƙare ya ƙare." Ni dai na gaji da jin ta, domin asarar kuɗi take jawo wa mutane.

Na san inda ruɗun ya samo asali. Mun saba da Canal+: ka biya wata guda, ranar da watan ya cika hoto ya ɗauke, ba wanda zai bi ka bashi. Katin kyauta ba haka yake ba. Kuɗi yake zuba wa a asusunka, shi kuwa abonoman da ka ɗauka yana sabunta kansa duk wata daga wannan asusun har sai ka dakatar da shi da hannunka.

Mu yi lissafi. A ce ɗan'uwanka ya aiko maka da katin Apple na dalar Amurka 25, ka ɗauki abonoma na 10 a wata don kallon gasa ɗaya. Saura 15. Gasa ta ƙare, ka goge manhajar, ka ɗauka an rabu. Goge manhaja ba ya soke abonoma, don haka wata na biyu a cire 10, saura 5. Wata na uku kuɗi su kasa, a rufe maka. Nan ne wasu masu saurarena ke cewa alhamdu lillahi. To, a App Store ana iya ci gaba da gwada cirar kuɗin har kwana 60. In ka loda sabon kati cikin wannan lokaci don sayen wani abu dabam, tsohon abonoma na iya riga ka kai hannu.

Za a ce an rubuta komai cikin sharuɗɗa. Gaskiya ne, amma da wane harshe, kuma wa ya karanta wa mai saye? Wanda ya zaɓi biya da kati ya riga ya nuna iyakar abin da yake son kashewa. Kamata ya yi kamfanoni su tambaye shi kafin su sabunta, kuma duk mai sayarwar da ya ɓoye wannan bayani ya ci amanar ciniki.

Kafin su gyara, ka soke abonoman wata ranar da ka saye shi; za ka ci gaba da amfani da shi har ƙarshen kwanakin da ka biya. A wayarka ka nemi Subscriptions, ko Abonnements in da Faransanci take. In ka ga ranar sabuntawa, igiya na nan a wuyanka. In ranar ƙarewa ka gani, sauran kuɗinka sun tsira.