Hoton Waya Ba Ya Sa Kaya

A wani shago a Kakuri na ga yaron tela ya ɗauki hoton shadda biyu da waya, ya tura wa wata Hajiya ta zaɓa. Ta zaɓi ruwan toka. Da aka kai mata ɗinki, sai ga shi ya ja zuwa shuɗi, domin ƙarƙashin farin ƙwan lantarki aka ɗauki hoton, wayar kuma ta gyara launin da kanta. Ban ga laifin yaron ba, maigidansa ne bai koya masa ba. A fita da yadin zuwa inuwar bakin ƙofa da rana, a ajiye farar takarda gefensa: in takardar ta fito fara a hoton, launin ya kusa gaskiya. Nauyin shadda da taurinta kuwa sai hannu. Teloli, ku aika da ƙyalle kafin almakashi ya taɓa yadi.