Alamomi Uku a Bakin Mai Neman Kuɗinka: Gaggawa, Yabo da Sirri



Ya ku ƴan'uwa na Jiratawa, da Maraɗi, da Tibiri, ɓarawon da ya fi yi wa mutane ɓarna a wannan zamani ba ya haura katanga. Da sallama yake shigowa, a shimfiɗa masa tabarma, mai dukiya ya ƙirga kuɗi ya miƙa masa da hannunsa, har ya yi masa rakiya. Tun da kuwa da magana yake aiki, a cikin maganar ake gane shi. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya zo maka da zancen jari, ya matsa maka da gaggawa, ya cika ka da yabo, kuma ya hana ka gaya wa kowa, to haƙƙi ne a kanka ka dakata, ko da ɗan'uwanka ne, ko da a sahu ɗaya kuke salla.

Mu fara da abin da ya faru a maƙwabta. A shekarar 2016 wani tsari mai suna MMM ya game Najeriya. Wanda ya ƙirƙiro shi ɗan ƙasar Rasha ne, Sergei Mavrodi, wanda irin wannan tsari nasa ya riga ya rushe a ƙasarsu a 1994, kotu kuma ta ɗaure shi bisa laifin zamba. An yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata, aka kuma kira zuba kuɗin da sunan taimakon juna. Babu gona, babu kanti, babu haja. Kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane, daga baya hukumar inshorar ajiya ta Najeriya ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya kawo sabon mutum ana ba shi kashi 10 cikin ɗari na abin da mutumin ya zuba. Saboda haka yawancin waɗanda suka faɗa ciki ba baƙo ne ya ja su ba, aboki ne, ko suruki, ko maƙwabci, wanda shi kansa ya gaskata abin. Ke nan sanin mutum bai isa hujja ba. Maganar da ya zo da ita za a auna.

Mu ƙaddara wani manomi a fadamar Jiratawa ya sayar da zogale da tattasai, ya tara jaka 500, yana nufin sayen taki da biyan kuɗin ruwa, saura ya ajiye don auren ɗiyarsa. Sai wani sananne ya same shi bayan la'asar, ya ja shi gefe, ya ce: "Malam, duk unguwar nan kai kaɗai na zaɓa, don na san kai mai tsoron Allah ne, kuma kana da kai. Akwai wata harka, jaka 100 tana haihuwar jaka 30 a wata. Amma gobe da azahar ake rufewa. Don Allah kada ka gaya wa kowa, har mai ɗakinka, ka san bakin mutane." A cikin wannan ɗan zance alamomin uku duk sun bayyana, kuma kowacce da aikin da take yi.

Ta farko ita ce yabo. Bahaushe ya saba da gaisuwa mai daɗi da girmama na gaba, wannan ladabi ne, ba shi ake nufi ba. Yabon da ake tsoro shi ne wanda buƙata ke biye da shi, kuma ya fi ƙarfin sanin da mai yabon ya yi maka. An ce maka kai mai hankali ne, sai ka ji kunyar yin tambayar da za ta nuna ba ka gane ba. An ce maka kai mai tawakkali ne, sai neman takarda ya zame maka kamar raunin imani. Yabon ya ɗaura maka rawani, kai kuma kana tsoron ya faɗi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa sahabi Miƙdad ya watsa wa wani mutum tsakuwa a fuska saboda yana zuba wa Halifa Usman yabo a gabansa, ya kafa hujja da umurnin Annabi (SAW). Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ka cire yabon daga maganar, ka duba abin da ya rage. A zancen mutumin nan, abin da ya rage shi ne, ba ni kuɗinka, ban gaya maka me za a saya da su ba.

Ta biyu ita ce gaggawa. Akwai gaggawa ta gaskiya a ciniki. Wanda ya ɗebo tumatir dole ya sayar kafin ya ruɓe, mota mai zuwa Ɗan Isa ko Jibiya ba ta jiran kowa. Amma irin wannan gaggawa kana ganin dalilinta da idonka, hajar tana gabanka. Gaggawar mai zamba a bakinsa kaɗai take, kuma amfaninta shi ne ta hana ka lissafi. To, mu yi lissafin da ba ya so a yi. Idan jaka 100 tana ƙaruwa da kashi 30 cikin ɗari kowane wata, aka bar ribar a ciki, a wata 3 ta kusa jaka 220, a wata 12 ta haura jaka 2,300. Wace haja ce a babbar kasuwar Maraɗi take ninka jari sau 23 a shekara? Wanda ke da irin wannan harka kuma, me zai yi da jaka 100 ta manomi? Buhari da Muslim sun ruwaito labarin sahabin da ake yawan cuta a ciniki, Annabi (SAW) ya koya masa ya riƙa shardanta cewa ba yaudara, a wasu ruwayoyi kuma an ba shi zaɓin kwana uku. Neman lokaci a ciniki ba baƙon abu ba ne a shari'a.

Ta uku, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce sirri. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin mun taso da cewa mutum ya rufe al'amarinsa har ya tabbata, saboda hassada da baki. Wannan gaskiya ne, ba kuma a ce ka yi shela a majalisa ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin ɓoye wa jama'a da ɓoye wa masu ba ka shawara. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: su wa aka hana ni gaya wa? Idan ka duba ka ga matarka ce, da wanka, da limamin unguwa, da ɗan kasuwar da ya san farashi, wato duk wanda zai iya ce maka tsaya, to sirrin mai maganar yake karewa. Ka lura kuma idan sirrin ba ya ƙarewa: ba a faɗin sunan mai harkar, ba a nuna wurin kaya, ba a son takarda, ana cewa ka goge saƙon waya bayan ka karanta.

Yanzu mu bi manomin nan mu ga yadda abin ke kasancewa. Ya ba da jaka 100. Wata ya cika, aka kawo masa jaka 30, har da godiya. Bai sani ba daga cikin kuɗinsa aka gutsuro aka ba shi. Zuciyarsa ta kwanta, ya ƙara jaka 400, ya kuma jawo ƙanensa. Wata na biyu aka ce kaya sun maƙale a kan iyaka. Wata na uku aka ce ya aiko da jaka 20 a fiddo su. Kafin wannan ma jaka 470 nasa suna hannun wani, ba shaida, ba rubutu, kuma kunya ta hana shi magana, tun da shi ya yi alkawarin rufe baki. Ribar farko ba ta tabbatar da komai ba. Tsaba ce aka watsa wa kaza.

Wani zai ce, ashe wannan ba munana zato ba ne ga Musulmi? Amsa ita ce, ba a ce ka kira kowa macuci ba. Alama ba hujja ba ce, kuma mai yiwuwa ne wanda ya zo maka shi ma cutarsa aka yi. Abin da ake nema shi ne ka bi tsarin da shari'a ta shimfiɗa wa kowa, na kirki da wanda ba na kirki ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa magana a cikinta. A babin ƙiradi na fiƙihun Malikiyya kuma, mai jari da mai juyawa suna raba ribar da aka samu ne bisa kason da suka yarda, kamar rabi ko sulusi, idan aka faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗi tana kan mai jari. Wanda ya yanka maka adadin riba tun ba a sayi komai ba, ya kuma lamunce maka uwar kuɗi, ya fita daga wannan babi tun a kalmarsa ta farko.

Saboda haka, idan irin wannan zance ya same ka, ka amsa cikin ladabi da abu uku. Ka ce: "Na gode da ka tuna da ni. Ka ba ni kwana uku in yi istihara. Zan shawarci mutum biyu. In mun shirya, sai mu rubuta a gaban shaidu, a faɗi hajar da za a saya da inda take." Sannan ka yi shiru ka kalli yadda zai karɓa. Mai gaskiya ba ya rasa komai da wannan, sau da yawa ma daɗi zai ji, don rubutun shi ma yana kare shi. Mai zamba kuwa fuskarsa za ta sauya: ko ya ƙara matsi, ko ya shiga rantsuwar da ba a nema ba, ko yabon ɗazu ya koma gori, ya ce ashe ba ka yarda da shi ba, ashe mace ke juya ka. Wannan sauyi daga zuma zuwa maɗaci shi ne amsar da kake nema.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada ya ƙara ko dala da sunan fiddo na baya. Ya adana saƙonni da takardun aika kuɗi, ya gaya wa wani babba a gidansu yau, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi, ya kuma sanar da duk wanda ya jawo ciki, domin wannan haƙƙi ne a wuyansa. Mu kuma da za a gaya wa, kada mu yi masa dariya a majalisa. Tsoron dariyarmu ne ke sa wanda aka cuta ya yi shiru, shirunsa kuma shi ke ba macuci damar shiga gida na gaba.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya azurta mu da halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.