«Wai» ba tarkacen magana ba ce

A hutun damanar bara na yi aikin wucin gadi da wata ƙungiya mai bibiyar harkar noma a Damargu. Wakilanmu na ƙauyukan Tanut da Belbeji suna turo saƙon murya ta WhatsApp, ni kuma ina kwafe shi kalma bayan kalma, sannan in mayar da shi rahoton da za a ajiye gaban shugabanni a Damagaram. Abin da na fahimta a can shi ne, mai gyaran irin wannan magana yana da damar sauya mata sutura yadda ya so, amma ba shi da hurumin ƙara wa mai ita tabbacin da bai bayar ba.

Ga wani saƙo da ya iso ranar 14 ga Satumba daga wani ƙauye a yankin Tarka: «Salamu alaikum, malam, ina gajiya? Wallahi lamarin nan sai addu'a. Fara ta sauka shekaranjiya, ta cinye gonakin gabas ƙaf, na je na gani da idona. Hatsi kuma tiya ta kai ɗari da hamsin ran kasuwa. Sannan wai shanu sun shiga gonakin arewa da dare, an ce na baƙi ne. To, a taimaka dai.»

Na zubar da gaisuwa da rantsuwa, na mayar da «shekaranjiya» 12 ga Satumba, tunda takarda tana daɗewa fiye da ranar da aka yi maganar. Zuwa nan babu laifi. Sai na rubuta cewa fara ta lalata dukkan gonakin gabas, tiyar hatsi ta kai sefa 150, kuma shanun baƙin makiyaya sun yi ɓarna a gonakin arewa. Jimlolin sun yi sumul, kowace kuma da ɓaraka a cikinta.

Ta kuɗin ita ce mai sauƙin kamawa. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, don haka «ɗari da hamsin» sefa 750 ke nan. Na san wannan tun ina yaro, amma da kalmomin suka zama lambobi a kan allo sai hannu ya riga tunani. Da ya wuce haka, da takardar ta nuna araha a inda ake kukan tsada. Shi ma «ƙaf» amsa-kama ne da ke ɗauke da zafin ran mai magana, ba ƙidaya ba. Da na kira shi, sai ya ce gonaki bakwai ya zaga.

Jimla ta uku ce ta hana ni barci. Mutumin nan ya rarraba iliminsa da kyau: kan fara ya ce «na gani da idona», kan shanu ya sa «wai», kan masu shanun ya ƙara ja da baya da «an ce», inda wakilin sunan ya ɓoye mai faɗa ɗungurungum. Matakai uku na tabbaci ya shimfiɗa, ni kuma na baje su wuri ɗaya saboda an saba mana cewa «wai» kalmar hira ce, ba ta dace da rubutun hukuma ba. Har na cusa «makiyaya» da «ɓarna», alhali bai furta ko ɗaya ba. A Damargu, inda gonaki ke iyaka da yankin kiwo, kuma dabbobi ke gangarowa kudu idan damana ta ja baya, irin wannan jimla a kan takarda mai hatimi zargi ce da za a iya ɗauka a kai gaban hakimi.

Wani abokin aiki ya ce mini rahoto mai yawan «wai» yana nuna marubucin bai san aikinsa ba. Yana da gaskiya kan kalmar, amma aikin da take yi yana da wasu riguna a Hausar rubutu: «a cewar», «ya samu labarin», «bai shaida da kansa ba». Ga yadda sakin layin ya ƙare:

«Wakilinmu ya ziyarci gonaki 7 a gabashin ƙauyen, ya tarar fara, wadda ta sauka ranar 12 ga Satumba, ta cinye amfaninsu. A kasuwar makon, tiyar gero ta kai sefa 750. Ya kuma samu labarin cewa shanu sun shiga gonakin arewa da dare. Bai shaida hakan da kansa ba, kuma ba a tantance masu shanun ba.»

Na sa «gero» a madadin «hatsi» domin a wurinmu hatsi gero ake nufi, amma mai karatu daga Kano zai iya haɗawa da dawa. Kafin in tura, na kira wakilin na karanta masa sakin layin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in ƙara cewa biyu daga cikin gonakin bakwai na wake ne.